Aksan da daidaita sifa a gajeren rubutun Faransanci: tambayoyin da 'yan lesin ke ta yi min da amsoshinsu

Ina koyar da Faransanci da yamma a nan cikin birni, kuma tambayoyin da ke ƙasa kusan duk sati sai an maimaita min su, wani a aji wani ya tare ni a bakin masallaci da takarda a hannu, shi ya sa na ce bari in haɗa su wuri ɗaya in huta. Zan yi amfani da rubutun wata ɗalibata (ta yarda, ta ce dai kar in faɗi sunanta) wanda ta kawo min lokacin da take shirin jarrabawar DELF A2, inda ake neman kalma 60 ko fiye a kowane ɗaya daga cikin rubutu biyu. Nata kalma 60 ne cif. Ga shi yadda ta buga shi a waya:

> J'habite a Kano, une grand ville tres ancien. Ma mere est commercante au marche de Kurmi. Elle vend des tissus bleu et des robes blanc. Mes soeurs sont eleves dans une petit ecole pres de la maison. Hier, ma tante est arrive de Maradi. Elle a achete deux nouveau sacs marron et un beau habit. Elle etait fatigue mais content.

Abin da take son cewa shi ne tana zaune a Kano, babban gari mai daɗaɗɗen tarihi, mahaifiyarta 'yar kasuwa ce a Kurmi tana sayar da shuɗayen yadudduka da fararen riguna, ƙannenta mata suna wata 'yar ƙaramar makaranta kusa da gida, jiya gwaggonta ta zo daga Maraɗi ta sayi sababbin jakunkuna biyu masu ruwan ƙasa da wata tufa mai kyau, ta gaji amma tana murna. Tsarin jimlolin ba laifi ko kaɗan. Amma kalma 12 sun rasa alamarsu, wuri 10 kuma ba a daidaita ba.

Malam, wai dole ne sai an sa aksan ɗin nan? Ai ana ganewa ko babu.

Na san inda tambayar ta fito. Mu a Hausa mun saba, kowa yana rubuta daki yana nufin ɗaki, kafa yana nufin ƙafa, bata yana nufin ɓata, kuma ana ganewa saboda mai karatu Bahaushe ne, kansa ne ke cike gurbin. To sai mu ɗauki wannan sakacin mu kai shi Faransanci. Matsalar ita ce a can aksan ɓangare ne na ƙa'idar rubutu kamar kowane harafi, mai makin jarrabawa kuskure yake ƙirga shi, kuma sau da yawa kalmar ce gaba ɗaya take canjawa. Dubi rubutun ɗalibar nan: ta rubuta *marche*, wanda tafiya ce ko matakalar bene, alhali kasuwa take nufi, *marché*. Ta rubuta *fatigue*, wato gajiya ita kanta, alhali wadda ta gaji take nufi. Kuma *pres* ɗin da ta bari tsirara, in ka ɗora masa é ya zama *prés*, filayen kiwo, in ka ɗora è ya zama *près*, kusa. Ka ga ashe ba ado ba ne.

Wani abu kuma da nake yawan gyarawa, musamman ga waɗanda suka yi Hausa a jami'a: alamun nan sun yi kama da waɗanda masana ke ɗorawa a kan wasali don nuna karin sauti a Hausa, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa. Kamar ce kawai. A Faransanci è ba ya nufin ka sauke murya, ê ba ya nufin murya ta faɗo. Ko dai yana nuna maka yadda za ka buɗe baki wajen furta e ɗin, ko yana raba kalmomi biyu masu rubutu iri ɗaya.

Guda nawa ne, kuma wanne ke hawa kan wane harafi?

Biyar ne. Aksan egu, mai karkata dama, a kan e kaɗai yake hawa: é. In ka ga ka rubuta á ko ó a Faransanci to yatsanka ne ya zame. Aksan girab yana hawa e da a da u: è, à, ù, kuma ù ɗin nan kalma ɗaya tak ce ke da shi a duk harshen, *où*, wato ina. Sai sirkonfileks, wanda yarana ke kira mai malfa: â ê î ô û. Sai tirema, ɗigo biyu, da ke cewa a furta wasalin daban da na kusa da shi kamar a *maïs*, masara, wanda in ka cire ɗigon ya koma *mais*, amma. Na ƙarshe sediy, 'yar jelar da ke ƙarƙashin c.

Ita sediy dokarta gajeriya ce. Harafin c in ya zo gaban a, o, u ana furta shi k, in kana son ya yi s sai ka sa masa jela. Shi ya sa *commercante* ɗin ɗalibata in aka karanta yadda ta rubuta zai fito komerkant, daidai shi ne *commerçante*. Gaban e da i kuwa c da kansa yake yin s, don haka duk wanda ya rubuta *merçi* ya yi aikin banza kuma kuskure ne.

Ni fa é da è ne ke rikita ni, kunnena bai jin bambancinsu.

Ba kai kaɗai ba ne, kuma a nan zan ɗan daɗe don rabin kuskuren aksan daga nan yake. A furuci é baki a ɗan tsuke yake, è kuma baki ya fi buɗewa, amma tunda e ɗaya muke rubutawa a Hausa kunnenmu bai saba raba su ba, sai an jima ana sauraro. Abin daɗin shi ne ba sai ka jira kunne ba, akwai hanyar ido.

Raba kalmar gaɓa gaɓa yadda ake rubuta ta. In e ɗin shi ne ƙarshen gaɓarsa kuma ana jin sa sarai, to yana neman aksan. Sai ka leƙa gaɓar da ke bi masa: in wasalinta e ne marar sauti, irin na ƙarshen kalma da ba a furtawa, sa è, in kuma wasali ne mai sauti, sa é. Ɗauki *eleves* na cikin rubutun, kalma ɗaya ce amma duka biyun suna ciki. Gaɓoɓinta e, le, ves. Na farko yana biye da gaɓar da ake ji sosai, ya zama é. Na biyu yana biye da *ves* wanda e ɗinsa shiru ne, ya zama è. Na uku shi ne mai shirun, ba a sa masa komai. Sai ka samu *élèves*. Haka *mère*: me, re, na biyun shiru, don haka è. *École* da *était* kuwa o da ai ne ke bin e ɗin, duk masu sauti, don haka é.

Sai ƙaramin rukuni na kalmomi masu ƙarewa da ès da kawai haddace su ake yi, ba su da yawa a matakin farko: *très*, *près*, *après*, *dès*, *succès*, *progrès*.

Yanzu inda ba a sawa, don masu zafin nama da zarar sun koyi aksan sai su bi kowane e suna ɗora masa. In baƙi ya rufe gaɓar ba a sa komai, ko da kana jin sautin è ɗin: *merci*, *mer*, *avec*, *est*. Gaban tagwayen baƙi ba a sawa: *elle*, *belle*, *ancienne*, *j'appelle*. Gaban x ba a sawa: *exercice*, *exemple*. Ƙarshen kalma mai er ko ez ma haka, *marcher*, *chez*. Kuma akwai e mai rauni irin na *petite* da *de* da farkon *demain*, shi ma ba ruwansa da aksan. Na taɓa ganin takarda an rubuta *éllé ést béllé*, wallahi sai da na ajiye biro na yi dariya, yaron ya ce shi dai ya ga gara ya yi yawa da ya yi kaɗan.

Dokar gaɓa tana da 'yan kalmomin da suka ƙetare ta, kamar *médecin* da ke da é duk da e mai shiru na biye, amma a rubutun kalma 60 za ta fitar da kai kusan kowane lokaci.

Yaya zan san a ko à, ou ko où?

Waɗannan furucinsu ɗaya ne sak, kunne ba shi da aiki a nan, sai gwaji. Ga a: cire shi ka sa *avait*. In jimlar ta tsaya da ƙafarta to aikatau ne, babu aksan. *Elle a acheté* ya koma *elle avait acheté*, lafiya lau, don haka a ɗin da ɗalibata ta bari daidai ne. *J'habite avait Kano* kuwa shirme ne, don haka *à Kano*. Ga ou: sa *ou bien*, in ya zauna to "ko" ake nufi, babu aksan, in bai zauna ba to "ina" ko "inda" ne, *où*. *La* da *là* su ma haka, na biyun shi ne "can" ko "nan".

Akwai ɗan'uwansu da ke cin mutane, é da er a ƙarshen aikatau, *acheté* da *acheter*. Musanya shi da *vendu* ko *vendre*. *Elle a vendu* ya yi, to *acheté*. *Elle veut vendre* ya yi, to *elle veut acheter*.

Mai malfa fa? An ce wai an soke shi.

Ba a soke ba. A 1990 aka fitar da wasu gyare-gyaren rubutu a Faransa, ciki har da yarda a bar malfar a kan i da u a yawancin kalmomi, sai *coût* ya iya zama *cout*, *maître* ya zama *maitre*. Tsohon rubutun da sabon duk karɓaɓɓu ne. A kan a, e, o ba a taɓa komai ba, *tête* da *hôpital* da *âge* suna nan yadda suke. Kuma an bar ta inda take raba ma'ana, kamar *sûr* mai tabbaci da *sur* a kan, *dû* da *du*, *mûr* nunanne da *mur* bango. Surutun ya tashi ne a 2016 lokacin da littattafan makarantun Faransa suka rungumi sabon rubutun. Ni dai shawarata ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai cikin takarda ɗaya.

To mu koma sifa. Mu da muke da namiji da mace a Hausa, me ya sa muke faɗuwa a nan?

Gaskiya mun fi mai jin Turanci kaɗai sa'a, don abin a jininmu yake. Ba Bahaushen da zai ce farin riga ko sabuwar gida yana cikin hayyacinsa, farar riga ce, sabon gida ne, fararen riguna, sababbin gidaje. Dogo, doguwa, dogaye. Faransanci ma abin da yake nema ke nan, sifa ta bi sunanta a jinsi da adadi. Amma wurare uku ne muke tuntuɓe.

Na farko jinsin kalma a Hausa ba shi ne jinsinta a Faransanci ba, kuma kai yana komawa na gida ba tare da ka sani ba. Dubi jimlar farko ta ɗalibar nan, ta rubuta *une grand ville tres ancien*. Ta san *ville* mace ce tunda ga *une* ta sa, haddar ta zauna, amma da ta zo sifa sai zuciyarta ta ce babban gari, tsohon gari, ta zuba su a namiji. Daidai shi ne *une grande ville très ancienne*. Irin waɗannan masu saɓani suna da yawa kuma kalmomin yau da kullum ne: gida namiji ne *maison* mace, ruwa namiji *eau* mace, kasuwa mace *marché* namiji, shinkafa mace *riz* namiji, rana mace *soleil* namiji, wata namiji *lune* mace. Ni ina sa ɗalibai su ware shafi ɗaya a bayan littafi don waɗannan kaɗai, masu dacewa irin mota da *voiture* ba sa buƙatar wahala.

Na biyu, a Hausa da an shiga jam'i maganar jinsi ta ƙare, fararen riguna, fararen dawaki, duk fararen ne. Faransanci bai yafe ba, jam'i ma yana da namiji da mace. Shi ya sa *des robes blanc* gyara biyu yake nema, a mayar da shi mace tukuna, *blanche*, sannan a ƙara s, *blanches*. Da yawa s ɗin kawai suke ƙarawa su rubuta *robes blancs* su wuce suna ganin sun gama. Kullum jinsi tukuna, adadi daga baya.

Na uku shi ne mafi muni: a Hausa kana jin daidaitawar da kunnenka, a Faransanci sau da yawa ba a jin ta. *Bleu*, *bleue*, *bleus*, *bleues* duk furuci ɗaya ne. *Fatigué* da *fatiguée* ɗaya. Don haka wanda ya ce zai karanta da ƙarfi ya ji ko ya yi daidai, *grande* da *petite* da *contente* zai kama saboda baƙin ƙarshe yana fitowa, amma *tissus bleu* zai wuce ta gabansa ya gaishe shi.

In ban san jinsin kalma ba fa, kuma ba ƙamus a hannu?

Fara duba abin da ke gabanta, *un* ko *une*, *le* ko *la*, *ce* ko *cette*. Sai dai *l'* da *les* da *des* ba sa faɗa maka komai, kuma akwai tarko ɗaya da nake so kowa ya riƙe: gaban wasali *ma* yana komawa *mon* ko da kalmar mace ce, don daɗin furuci. *Mon école*, *mon amie*. Ɗalibi ya ga *mon* sai ya rubuta *mon école est petit*, alhali *petite* ne.

Ƙarshen kalma yana taimakawa. Masu ƙarewa da tion da sion kusan duk mata ne, yawancin masu té ma haka, ban da irin *été* da *côté*. Masu ment da isme kusan duk maza ne, masu eau maza ne ban da *eau* da *peau*, masu age maza ne ban da 'yan kaɗan irin *page*, *image*, *plage*, *cage*. Abin da ba na so shi ne a ɗauko dokar Hausa ta cewa yawancin masu ƙarewa da a mata ne a ce to a Faransanci e ne madadinsa. *Livre*, *problème*, *lycée*, *musée*, duk da e suka ƙare kuma duk maza ne. Mu ma ai gida da ruwa da suna da a suka ƙare.

Shi ke nan kullum e da s ake ƙarawa?

Shi ne asali, amma dubi rubutun nan kaɗai, kalma 60, sau huɗu aka kauce. *Ancien* yana ninka n, *ancienne*, haka *bon* da *bonne*. *Blanc* ya zama *blanche*. *Nouveau* jam'insa da x ne, *nouveaux sacs*. Sai *beau habit*, wanda ba jinsi ba ne matsalarsa ba kuma adadi ba: *beau*, *nouveau*, *vieux* in suka zo gaban suna namiji tilo mai farawa da wasali ko h marar sauti sai su koma *bel*, *nouvel*, *vieil*. Don haka *un bel habit*, kamar *un vieil homme*. Sauran da za ka haɗu da su da wuri su ne eux zuwa euse kamar *heureuse*, f zuwa ve kamar *neuve*, al zuwa aux a jam'in namiji kamar *nationaux*, da er zuwa ère kamar *cher* da *chère*, *premier* da *première*. Wannan na ƙarshen ka lura da shi, daidaitawar ce ta haifo aksan, saboda e mai shiru ya shigo ƙarshe sai dokar gaɓa ta tashi. Wanda kuma ya riga ya ƙare da e marar aksan irin *rouge* da *jeune* ba a ƙara masa wani, amma mai é ana ƙarawa, *fatiguée*.

Me ya sa ba ka gyara *marron* ba? Ai jakunkuna biyu ne.

Da na mayar mata da takardar ita ma abin da ta fara tambaya ke nan, har tana cewa Malam ka manta ɗaya. Ban manta ba, daidai ta rubuta ba da saninta ba. *Marron* asalinsa sunan wani ɗan itace ne aka ara don launi, irin yadda muke cewa ruwan goro ko ruwan toka, ba ma cewa riguna ruwayen goro. To haka *marron* da *orange* ba sa canjawa: *des sacs marron*, *des robes orange*. 'Yan kaɗan sun zama sifa sosai suna ɗaukar s, wanda za ka fi gani shi ne *rose*, *des robes roses*. Kuma in launin kalma biyu ne duka sai su tsaya cak. Da ta ce yadudduka masu shuɗi mai duhu irin na marinar Ƙofar Mata, *des tissus bleu foncé* za ta rubuta, ba s ko ɗaya.

*Arrivée* ai aikatau ne, me ya kawo shi maganar sifa?

Saboda bayan *être* halinsa halin sifa ne, yana bin mai aikin. Gwaggo mace ce, *ma tante est arrivée*. Da gwaggonni biyu ne, *arrivées*. Bayan *avoir* kuwa ba ya bin mai aiki, shi ya sa *elle a acheté* ya tsaya haka ko da mace ce ta saya, kuma wannan ma wurin da masu zafin nama ke ƙara e ne. Yana canjawa ne kawai in abin da aka saya ya riga shi zuwa a jimlar, *les sacs qu'elle a achetés*, wannan kuma darasi ne na wata rana.

Jimlar ƙarshe tana nuna wani abu. *Elle était fatiguée mais contente*: sifa ta biyu ta yi nisa da *elle*, kuma na lura ko waɗanda suka daidaita ta farko sukan saki ta biyu. Sannan 'yan mata, in kin rubuta *je* ke ce *je* ɗin, *je suis née à Kano*, *je suis contente*. Littafi yakan ba da misali da namiji sai ku kwafe haka. In kuma maza da mata suka haɗu jam'in namiji ake sawa, *mon frère et mes sœurs sont contents*.

A aikace yaya zan duba rubutuna kafin in miƙa?

Zagaye biyu, kuma kar ka haɗa su, don wanda ke neman aksan da sifa lokaci ɗaya ido yana tsalle ya bar rabi. Ni da sifa nake farawa tunda ita kan jawo sabon aksan. Ɗauki fensir, ja layi ƙarƙashin kowace sifa da kowane aikatau da ke bayan *être*, ka ja kibiya daga ita zuwa sunan da take siffantawa, a kan sunan ka rubuta abu biyu, namiji ko mace, ɗaya ko da yawa. Sannan ka dubi ƙarshen sifar da ido. A takardar ɗalibata kibiya 11 muka ja, 10 suka nemi gyara, *marron* kaɗai ya tsira.

Zagaye na biyu fara daga kalmar ƙarshe ka dawo baya zuwa ta farko. Da gangan ne, in kana bin ma'ana kanka zai riƙa cike aksan ɗin da babu kamar yadda yake cike lanƙwasar ɗ da ƙ a saƙon waya. Tsaya a kan kowane e ka raba gaɓa, kowane a da ou da la da ke tsaye shi kaɗai ka yi masa gwaji, kowane c da ke gaban a, o, u ka furta shi. Kalma 60 ba za ta ci maka fiye da minti biyar ba in ka saba.

A waya da kwamfuta ta ina ake samo haruffan?

A waya danna harafin ka riƙe, zaɓi zai fito, e zai ba ka é è ê ë, c zai ba ka ç, o zai ba ka œ na *sœurs*. Ya fi sauƙi ka ƙara Faransanci cikin harsunan kibod ɗinka, in ba haka ba gyaran kai tsaye na Turanci zai riƙa cire maka aksan yana canja kalmomi. A cikin Word a kwamfuta:

```
Ctrl + '  e   é
Ctrl + `  e   è
Ctrl + Shift + ^  e   ê
Ctrl + ,  c   ç
```

Wato ka danna na farkon tare, ka saki, sannan harafin. A Windows in kibod ɗin yana da lambobin gefe, `Alt+0233` é ne, `Alt+0232` è, `Alt+0224` à, `Alt+0231` ç, `Alt+0201` kuma É. Eh, babban harafi ma ana sa masa, *École*, *À Kano*, hukumar kula da harshen ta Faransa ma haka ta ce. In kuma a shagon buga takardu za a buga maka, tsaya a kansu ka karanta kafin a fitar. Wani ɗalibina ya kai wasiƙar neman gurbin karatu da ya rubuta da hannu tsaf, mai bugawa ya ɗauka ɗige-ɗigen datti ne na biro, ya share su kaf.

Jan layin da Word ke yi yana da amfani in ka saita harshen rubutun zuwa Faransanci, zai kama *tres* da *ecole* tunda babu su a ƙamus. *Marche* da *fatigue* da *arrive* kuwa kalmomi ne na gaske, yana iya barin su su wuce.

To Malam, ya rubutun ya koma bayan gyara?

> J'habite à Kano, une grande ville très ancienne. Ma mère est commerçante au marché de Kurmi. Elle vend des tissus bleus et des robes blanches. Mes sœurs sont élèves dans une petite école près de la maison. Hier, ma tante est arrivée de Maradi. Elle a acheté deux nouveaux sacs marron et un bel habit. Elle était fatiguée mais contente.

Ba kalmar da aka ƙara ko aka cire, har yanzu 60 ne. Sati na gaba na ce ta sake rubuta shi daga ka amma ta mayar da gwaggo kawu, rigunan kuma su zama huluna, *bonnets*, wanda namiji ne. Kawun ya fito daidai, *arrivé*, *fatigué*, *content*, har da *mon oncle*. Hulunan ne ta rubuta *des bonnets blanches*, na nuna mata da biro ban ce komai ba, ta dafe kai ta ce Malam ai hula mace ce.